Maigidana yana wankin ƙoda, ni kuma na fara lissafin takaba

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan Baban Hanif yana wankin ƙoda. Shekaranjiya ina wanke kwanonsa sai na tsinci kaina ina lissafin wata huɗu da kwana goma, har da ɗakin da zan zauna, alhali yana falo yana jin rediyo. Tun ranar na kasa haɗa ido da shi. In ya ɗauko zancen bashi kuma sai in ce ya daina yi wa kansa mugun baki. Mugun fata nake masa ne?

Ummu Sadik: Ki yi ta a'uziyya, shaiɗan ne. Ciwo ba shi ne mutuwa ba, sau nawa aka binne mai jinya aka bar majinyaci? Ki cire abin a ranki kawai.

Hajiya Talatu: Ummu Sadik, da cirewa yake yi ai da ba ta tambaya ba. 'Yata, ni shekara biyu na yi jinyar Alhaji. Kukan da na sha yana raye ya fi wanda na yi ranar da aka fita da shi, har dangi suka riƙa cewa na cika taurin zuciya. A banɗaki nake yi, in saki famfo don kada ya ji. Mutumin da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai ya koma sai na ɗaura masa tazuge. Wancan na da nake yi wa kuka, ga shi kuma a gabana.

Abin da nake nadama ɗaya ne, shi ne toshe masa baki da na yi, irin yadda kike yi yanzu. Sau uku yana cewa in kawo littafi, ina cewa Allah Ya ba ka lafiya ka biya da hannunka. Bayan sadakar uku mutum biyu suka zo da maganar kuɗi, ba takarda, ba shaida, ban san mai gaskiya ba, kuma ba a raba gado sai an biya bashi. Ki ɗauko biro ki zauna. Wa yake bi, wa ke bin sa, ina takardun gida, kuma a kira ɗan'uwansa da wani amintacce su shaida. Hawaye zai zubo, ki bar shi ya zubo.

Malama Rabi: Hadisi ya inganta cewa Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke kan gargara, bai riga ya cika ba. Don haka kukanki ba rashin tawakkali ba ne. Wasiyya kuma ba ta kawo ajali. Sai dai a tuna masa ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji.

Zee Kaduna: Anti, akwai mai maganin gargajiya a layinmu, maƙwabcinmu ya sha sati uku kumburin ya saɓe. In turo miki?

Sista Binta: Zee, don Allah a'a. Ƙodar da ta gaza ba ta iya tace jiƙe-jiƙe, wasu ma su ne ke ƙarasa ta. Maman Hanif, a ɗakin wankin ƙoda nake aiki, kuma na lura matan da suka fi firgita su ne waɗanda ba a gaya musu abin da za su sa wa ido ba, kowane tari sai su ce shi ke nan. Abin gudu asibiti shi ne numfashi ya yi wuya har ya kasa kwanciya sai a zaune, ko ruɗewa, ko kasala mai tsanani da bugun zuciya ya sauya. Gajiya bayan awa huɗu a kan inji kuwa kusan kowa na yi. Ruwan sha yawanci ana cewa leda ɗaya ta fiya wata a wuni, a ƙara da gwargwadon fitsarin da ya yi, amma likitansa ne zai yanke. Ayaba da lemu a yi hankali da su. Sau nawa ake masa a sati? Ƙa'ida uku ce. Ke kuma, in kin kai sati biyu ba barci ba cin abinci, ki gaya wa likita, wannan ya wuce damuwar jinya.

Maman Hanif: Sau ɗaya ne yanzu, Sista, mun sayar da filin. Jiya da dare na kawo littafin. Ya faɗi mutum huɗu, sai ya ce in rufe, ya tambaye ni ko zan sake aure. Ban ba shi amsa ba.

Hajiya Talatu: Ni ma Alhaji ya tambaye ni. Na ce masa a'a, ya yi dariya ya ce ƙarya nake.

Ummu Sadik: Ni dai har yanzu ina ganin bai kamata a yi irin wannan hira da mara lafiya ba.

Sista Binta: Ranar wanki mai zuwa ki shiga wurin likita tare da shi, ki faɗa masa ƙarara cewa sau ɗaya kuke iyawa, don ya san yadda zai tsara ruwa da magani.