Shin ƙarin bit zai gyara ma'aunin zafin injin ƙyanƙyasa?

Bashar (Mabera): Jama'a, na haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da allon Arduino Uno da ma'aunin zafi LM35, waya mita uku a tsakaninsu. Ina son digiri 37.5, amma karatun na hawa 39 ya sauko 36, kusan kowane daƙiƙa biyar. Na ce ADC na Uno, mai maida siginar ma'aunin zuwa lamba, shi ne ba ya da kyau, bit 10 kawai. In na sa wani ADC, ADS1115 mai bit 16, magana ta ƙare.

Nasiru: Gaskiyarka, abokina. Bit 10 mataki 1024 ne. Raba 5 V da 1024, kowane mataki 4.88 mV. LM35 kuwa 10 mV yake bayarwa a kowane digiri, wato taku ɗaya kusan rabin digiri ne. Sayi ADS1115 ka huta.

Injiniya Umaru: Nasiru, lissafinka daidai ne, amma mu ƙarasa shi. Digiri 37.5 shi ne 375 mV. Raba da 4.88, ka sami 76.8. Tunda ADC ba ya bayar da guntun lamba, sai ya ce 77, wanda in ka mayar 37.6 ne. Ko ya zame zuwa 76, 37.1 ke nan. Kuskuren mataki bai wuce rabin mataki, wajen digiri 0.25. To Bashar digiri uku yake gani, 30 mV, mataki shida cur. Ƙarancin bit ba ya yin wannan. Ƙanena, sau nawa kake karantawa?

Bashar: `delay(100)` na sa, Injiniya. Sau goma a daƙiƙa.

Hajiya Luba (Arkilla): Ɗana, duba kwan fitilar da ke ba da zafin. Nawa injin haka ya yi bara, ashe fitilar ta yi kusa da ma'aunin, tana kamawa sai lamba ta tashi. Ƙwai sittin na yi asara kafin in gane.

Bashar: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Na kashe fitilar ɗungurungum, bai daina ba.

Injiniya Umaru: Wannan gwajin ya taimaka. Iska cikin akwati ba ta hawa digiri uku ta sauko cikin daƙiƙa biyar da fitila a kashe. Zatona doguwar wayar nan tana kwasar kaɗawar wutar gida mai 50 Hz, musamman in ta bi gefen wayar fanka. Kai kuma sau goma kake leƙawa. Ƙa'idar Nyquist ita ce saurin ɗaukar samfur ya zarce ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ke cikin siginar, don haka da sau goma, abin da ke ƙasa da 5 Hz kaɗai za ka gani da fuskarsa ta gaskiya.

Ɗauka wutar tana kan 50.2 Hz. Tsakanin leƙe da leƙe ta yi zagaye biyar da ɗan ɗoriya, 5.02. Biyar ɗin ba ka gan su ba, ɗoriyar kaɗai ke taruwa, sai ta cika zagaye guda bayan leƙe 50, wato daƙiƙa biyar. Shi ne aliyasin: 50.2 Hz ta shigo da rigar 0.2 Hz. Kamar tayar mota a bidiyo da za ka ga tana juyawa baya. Ƙarin bit zai zana maka wannan ƙaryar ne da kyau, ba zai kore ta ba.

Nasiru: To ya haɗa karatu goma ya raba, ai zai lafa.

Injiniya Umaru: Karatu goma daƙiƙa ɗaya ne, kaɗawar kuma biyar take ɗauka, kaɗan zai rage. Da ta shiga lambobi ba a bambanta ta da zafin gaske. Kafin ADC ake tare ta. Bashar, fara maida shi `delay(97)`. In aliyasin ne, hawa da saukar za su koma ƙasa da daƙiƙa ɗaya, zafin gaske kuwa bai san ka canza lamba ba. Sannan ka sa rasista 10 kΩ a kan wayar siginar, da kafasita 10 µF daga A0 zuwa GND, dab da allon. `fc = 1/(2πRC)` ya ba ka iyakar wannan matata wajen 1.6 Hz, za ta rage 50 Hz kusan sau talatin, 30 mV ta koma 1 mV.

Malama Asma'u: Injiniya, ban yarda ADS1115 ba zai taimaka ba. Na sa shi a aikin ɗalibaina, na saita shi kan karatu takwas a daƙiƙa, rawar ta kwanta ba tare da kafasita ba.

Injiniya Umaru: Na yarda, Malama. Irin delta-sigma ne, yana da matata a ciki, a wannan saurin tana danne 50 Hz sosai. Amma aikin matatar ne, ba na bit 16 ba. In aka bar shi kan karatu 128 a daƙiƙa da yake zuwa da shi, ba lallai Bashar ya ga haka ba.

Malama Asma'u: Duk da haka, rabin digiri ya yi wa ƙwai yawa. Ko ya tace, yana buƙatar ƙaramin mataki.

Injiniya Umaru: `analogReference(INTERNAL)` zai maida ma'aunin Uno 1.1 V, mataki ya koma 1.07 mV, wajen digiri 0.1, ba ko sisi. Sai dai 1.1 ɗin na bambanta daga allo zuwa allo, dole ya gwada da ma'aunin zafi na hannu.

Bashar: Na sa 97 yanzu. Lambobin sun koma tsalle da sauri, wancan lilon ya ɓace. Kafasita 10 µF ba ni da ita, 4.7 gare ni. Za ta yi, ko in bari sai gobe in na shiga kasuwa?