Neman taimako: ƙarar ƙarfe a dogon madannin kibod ta ƙi ɓacewa

Jama'a, ina neman shawararku kan wata matsala da ta gagare ni. Kibod ɗina irin wanda ake zare suwici, wato abin da ke ƙarƙashin kowane madanni, ba tare da walda ba ne, kuma na shafe kwana biyu ina buɗe suwici 68 ɗaya bayan ɗaya, ina shafa musu man Krytox 205g0 da ɗan siririn buroshi. Haruffa sun yi daɗin sauti, amma dogon madanni na ƙasa, wanda ake ba da tazara da shi, yana ƙarar kacau-kacau idan na taɓa gefensa na hagu, alhali gefen dama shiru yake.

Na zare wayar da ke daidaita shi, na ɗora ta kan madubi, ban ga lanƙwasa ba. Da na ƙara mai a ƙarshen wayar ƙarar ta ragu, sai dai madannin ya yi nauyi, ba ya saurin dawowa sama, wanda hakan ya fi ƙarar damuna.

Na lura gidan robar da ke riƙe wayar yana ɗan motsi a cikin farantin da ke riƙe suwici. Shin in lika siririn tef a wurin don ya matse, ko kuwa madannin ne da kansa ya karkace? Ta yaya zan bambance?