Shayi ya zube a kan laptop ɗina, madannai uku suna maƙalewa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu gyaran kwamfuta ku ba ni shawara.

Shekaranjiya da safe kofin shayi ya kife a kan allon madannan laptop ɗina, kuma shayin mai madara da sukari ne. Nan take na zare caja, na danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Batirinta na ciki ne, sai an kwance ƙasanta ake kai gare shi, don haka ban taɓa shi ba. Na tsane abin da ke sama da ƙyalle, na buɗe ta na kifa a kan tawul, fanka tana hura ta har kwana 2. Ƙanena ya ce in tura ta cikin buhun shinkafa, na ƙi, don shinkafa ba ta cire sukari.

Yau na kunna, ta tashi lafiya. Amma A da S da Shift na hagu suna maƙalewa, wani lokaci kuma S ta yi ta rubuta kanta ba wanda ya taɓa ta. Na sake kashewa.

To, maƙalewar na san sukari ne ya bushe a ƙarƙashi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda S ke rubuta kanta: danƙon ne ke riƙe madannin, ko ruwan ya shiga cikin shimfiɗar allon? Idan na ɓalle madannan uku na goge da auduga da sinadarin isopropyl, ya isa? Ko dole a buɗe ta a duba babban allon ciki kafin tsatsa ta fara cinsa?