Tarbar alhaji: kwana ukun farko da rabon zamzam

Ƙanwar Alhaji: Salamu alaikum. Yayana na hanyar dawowa daga aikin Hajji, ni aka ɗora wa hidimar tarba. Waɗanda suka saba, yaya ake tsara ta daga saukar jirgi zuwa rabon zamzam?

Tsohon Jami'in Alhazai: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki ɗora tukunya saboda lokacin da aka faɗa miki tun jiya, jirgin alhazai yana sauya lokaci. Ki jira sai ya kira ya ce sun shiga jirgi, sannan ki lissafa kamar awa biyar. Agogonsa kuma na gaba da namu da awa 2, shi ya sa ake ruɗewa in ya ce "ƙarfe tara za mu tashi". Mutum biyu da mota ɗaya sun isa ɗauko shi. In an tafi da motoci biyar, sai a yini a rana, yara na kuka, shi kuwa yana ciki yana jiran jaka. Wani lokacin ma babbar jakar ba ta biyo jirginsa, sai bayan kwanaki, don haka kada a yi wa kowa alkawarin tsaraba ranar farko.

Malamin Islamiyya: Kafin gida, a biya da shi masallacin unguwa ya yi raka'a 2. Haka Annabi (SAW) yake yi in ya dawo daga tafiya, hadisin Ka'abu ɗan Malik ne a Bukhari da Muslim. Dafa abinci don dawowar matafiyi ma yana da asali, amma gwargwadon hali, ba a ci bashi ba. Gaisuwa kuwa kowa ya san ta: "Barka da sauka, Allah ya sa Hajji mabrur ne, Allah ya karɓi ibada, Allah ya mayar da abin da aka kashe." Shi kuma ya ce, "Amin, Allah ya kira ku, ya nuna mana naku."

Goggo: A dai hanzarta kai masa yara ya shafa musu kai. Addu'ar alhaji ba ta faɗuwa ƙasa har kwana 40.

Malamin Islamiyya: Goggo, neman addu'arsa abu ne mai kyau, amma ƙayyade kwana 40 ɗin bai tabbata ba. In ya huta ya yi musu, ba ta lalacewa.

Goggo: To Malam, mu dai haka muka taras.

Hajiya Babba: Ni kan zamzam zan yi magana, don nan ake jin kunya. Lita 5 ake ba kowane alhaji, ba ƙari. Ƙaramin kofin gahawa yana cin kamar mililita 50, wato jarkar gaba ɗaya kofi 100 ce. Ki fara cire lita 2 ki zuba a gora mai tsabta, ki ɓoye wa iyaye, marasa lafiya da dangin nesa da ba za su zo da wuri ba. Saura lita 3, kofi 60 ke nan. In kika bar jarkar a tsakar gida da kofin shan ruwa na yau da kullum, mutum 20 ne za su shanye ta kafin la'asar, surukai su zo a rasa abin ba su. Mutum ɗaya ya riƙe ta, ya tsiyaya a buta ƙarama, a miƙa da dabino uku-uku. Kada a tsoma kofi cikin jarka, kada a bar ta a rana. Masu zuwa da gorarsu a hannu, a ba su haƙuri da fara'a.

Autan Gida: Ai da sauƙi, a ƙara ruwan leda ya yi yawa. A gidanmu haka ake yi.

Hajiya Babba: Ɗana, in an gauraya a faɗa wa mai sha. Ba a miƙa wa mutum gauraye a ce masa zamzam ne zalla.

Malamin Islamiyya: Akwai malaman da suka ce albarkar tana nan gwargwadon abin da ke ciki, akwai masu ganin a bar shi yadda yake. Faɗin gaskiyar dai ba saɓani a kai.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, ki lura da tarin nan da alhazai ke dawowa da shi. Yawanci mura ce ta cunkoso da sanyin na'ura, tana wucewa da hutu da ruwan ɗumi. Amma in da zazzaɓi, ko numfashi na yi masa wuya, musamman cikin kwana 14 da dawowa, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita daga Saudiyya yake. Saboda haka kofin kowa daban, jarirai kuma a dakata da miƙa masa su. In yana da ciwon suga ko hawan jini, a auna a ranar, don sau da yawa maganinsu ya ƙare tun a Makka sun yi shiru. A sa wa masu gaisuwa lokaci, bayan la'asar zuwa magariba, da safe a bar shi ya yi barci.

Ƙanwar Alhaji: Na gode ƙwarai. Sai dai wa zai iya ce wa kawunnanmu su koma sai la'asar?

Tsohon Jami'in Alhazai: Ba ke ba. Ki zaunar da babban wansa a zaure, shi zai tare su.