Dodon ƙarshe na wasana ya kori masu gwaji

Nura, Mabera: Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ina haɗa wasan waya da manhajar Godot, galibi da daddare bayan na rufe shago, kuma kwamfutar ma ta yayana ce. Dodon ƙarshe yana da kulki, kuma idan ransa ya kai rabi sai ya ƙara sauri. Mutum biyar suka gwada, huɗu suka ajiye waya suna cewa zalunci ne, alhali ni ina kashe shi ba tare da ya taɓa ni ba. Ɗaga kulkin firam 12 ne, hutunsa bayan duka firam 20. Ina kuskuren yake?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. A gudun firam 60 cikin daƙiƙa, firam 12 kashi ɗaya ne bisa biyar na daƙiƙa, yayin da mutum yake buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin yatsansa ya amsa abin da idonsa ya gani, ban da jinkirin da gilashin waya ke ƙarawa. Kai ba ganin kulkin kake yi ba, ka haddace shi ne. Ka mayar da ɗagawar firam 30, kuma kafaɗarsa ta karkata tun daga farko, kamar yadda ake gane ɗan dambe zai kai naushi kafin hannun ya taso. Kaucewar ɗan wasanka da saransa firam nawa ne?

Nura: Kaucewa 24, sara 18. Amma Malam, a firam 30 zai zama rago, ni kuwa dodo mai ban tsoro nake so.

Malam Sani: To, lissafa. Wanda ya fara kaucewa firam 6 kafin kulkin ya sauka yana da sauran 18 a cikin mirginawa, saboda haka firam 2 kacal ka bar masa na ramuwa. Idan ka haɗa 18 ɗin da kamar 12 na komowa kusa da 18 na sara, ka samu 48, don haka hutun kada ya gaza 55. A zango na biyu kuma, wato bayan ransa ya kai rabi, kada ka gaggauta ɗagawar da suka sha wahalar koya. Ka tsayar da faɗan, dodon ya yi ruri ya karya kulkin gida biyu, sannan ya riƙa duka biyu a jere, hutun ya zo bayan na biyun.

Hadiza, Arkilla: Ni ban yarda da tsayar da faɗa ba, domin wanda ya mutu sau goma zai kalli rurin sau goma. Jan haske a ƙasa ya wadatar.

Bashir: Wataƙila wayoyin masu gwajin ne. Tawa da ta yi zafi a watan Afrilu sai ta riƙa sarƙewa, har na rasa gasar unguwarmu.

Malam Sani: Hadiza, hasken yana nuna wurin da duka zai sauka, ba ya nuna cewa dokar faɗan ta sauya.

Nura: Na gode, Malam. Zan ƙara hutun zuwa 40, amma ɗagawar tana nan a 12, domin mutum na biyar ya ci shi.

Hadiza: A gwaji na nawa ya ci?