Gurbi huɗu a fom ɗin na'urar gano ƙarfe: babbar saɓawa ce ko ƙarama?

Nasiru: Jama'a, a raba mana gardama. Layin biskit ne, na'urar gano ƙarfe ita ce CCP, wato matakin da dole a tsare haɗari a wurinsa. Tsarin ya ce a gwada ta da fara aiki, sai duk bayan awa biyu, sai a tashi. Aiki daga 6:00 na safe zuwa 10:00 na dare, gwaji 9 a rana. Odita na cikin gida ya duba kwana 20, gwaji 180, ya tarar babu 4, ya rubuta babbar saɓawa ƙarƙashin ISO 22000, ƙa'idar tsarin lafiyar abinci. Ni na ce ƙarama ce: matsalar takarda ce, kuma ba wanda ya kawo ƙorafin ƙarfe.

Hajiya Rabi: Malam Nasiru, kafin a ce komai, waɗanne awanni ne babu? Kuma gwajin da ya biyo bayan kowane gurbi ya yi kyau? Amsar tana nan, ba a cikin lissafin kashi nawa cikin ɗari ba.

Nasiru: Biyu a tsakiyar aiki suke, Hajiya, ɗaya na 12:00, ɗaya na 4:00 na yamma, kuma gwajin da ya biyo su duk ya wuce lafiya. Sauran biyun na tashi ne, 10:00 na dare, a ranaku daban-daban. An saki kayan duka. Mai duba fom ya sa hannu a dukkan takardun huɗu.

Bala: Ina bayan Nasiru. Huɗu cikin 180 bai kai kashi uku cikin ɗari ba. Babbar saɓawa ita ce a tarar da sashe guda na ƙa'ida ba a aiki da shi sam, kamar a ce babu fom ɗin kwata-kwata, ko ba a taɓa gwada na'urar ba. Idan odita ya riƙa kiran komai babba, shugabanni za su daina jin tsoron kalmar, ranar da babbar gaske ta zo sai a ɗauke ta kamar sauran.

Hajiya Rabi: Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, Bala, amma ma'auninka ya yi ƙunci. ISO 22000:2018 kanta ba ta raba saɓawa gida biyu ba. Sashe na 9.2 ya ce a yi bincike, a kai rahoto, a gyara cikin lokacin da aka amince. Rabewar da yawancin masana'antu ke ara daga ISO/IEC 17021-1 ta fito, ƙa'idar hukumomin da ke ba da satifiket, kuma a can babba ita ce wadda ta taɓa ikon tsarin na cimma abin da aka kafa shi dominsa. Ta shiga har da inda ake da shakka mai ƙarfi cewa ana riƙe da aikin yadda ya kamata, ko cewa kayan sun cika sharaɗi. Ba sai sashe ya ɓace ɗungurungum ba.

To mu ɗauki gurbin huɗun ɗaya bayan ɗaya, don ba nauyinsu ɗaya ba. Amfanin gwajin nan shi ne ya yi wa kaya katanga gaba da baya. An tura sandunan gwaji uku da ƙarfe 10:00 na safe, na baƙin ƙarfe, da na irin tagulla, da na ƙarfen da ba ya tsatsa, na'ura ta gan su ta ture su. An sake da ƙarfe 2:00, ta sake turewa. To ko da an tsallake na 12:00, kayan da suka wuce a waɗannan awanni huɗu suna tsakanin shaida biyu masu kyau. An saɓa wa tsari, babu musu, amma akwai hujjar da za a jingina kayan da ita. Waɗannan biyun ni ma zan kira su ƙanana.

Na 10:00 na dare kuwa wani abu ne daban. Gwaji mai kyau na ƙarshe shi ne na 8:00. Duk abin da ya bi ta na'urar daga 8:00 zuwa tashi yana da katanga ta gaba, ba shi da ta baya. A ce layin na fitar da katan 60 a awa, katan 120 ke nan a dare ɗaya, 240 a darare biyu, sun fita ƙofa ba tare da shaidar cewa CCP tana aiki a lokacin ba. Kamata ya yi a tsare su a sito, a tabbatar da na'urar, a sake bi da su ta cikinta. Ba a yi ba, kuma wanda aikinsa shi ne ya kama gurbin ya sa hannu a kai. A nan babbar take.

Bala: Ai akwai gwajin 6:00 na safiyar washegari, Hajiya. In ya wuce lafiya, me ya sa ba zai zama katangar baya ba?

Injiniya Sadiq: Bari in shigo nan, don wannan ɓangaren inji ne. Gwajin safe ba ya cika zama shaidar abin da ya faru daren jiya. Tsakanin 10:00 da 6:00 an kashe na'ura an kunna, an share bel, wataƙila an sauya saitin zuwa wani kaya, domin kowane kaya yana da nasa saiti gwargwadon danshi da gishirinsa. Abin da ya fi ba da matsala ma ba kan na'urar ba ne, hannun turewa ne. Yawanci da iska yake aiki. Idan ƙarfin iska ya faɗi can ƙarshen aiki saboda an fara feshe injuna da ita, na'ura za ta ga ƙarfe, fitila ta kama, amma hannun ya makara, fakitin ya wuce. Da safe iska ta cika, gwaji ya yi kyau, ba wanda zai san abin da ya faru. Haka in kwandon da ake ture kaya ya cika ya toshe, da safe an kwashe shi.

Abin da zai iya sauko da hukuncin shi ne shaida daga na'urar kanta. In tana da abin da ke tabbatar da cewa fakitin da aka ture ya faɗa kwando, da abin da ke tsayar da bel in iska ta yi ƙasa, kuma ma'ajiyar bayananta ta nuna babu wata tangarɗa daga 8:00 zuwa 10:00, to akwai abin riƙewa. Odita ya nemi a buga masa wannan. Wani lokaci ma za a ga an yi gwajin, sanduna uku sun fito a ma'ajiya da ƙarfe 9:58, rubutu ne kawai aka manta. In haka ne, maganar Nasiru ta tabbata: matsalar takarda ce.

Umma: Ni dai abin da na sani, duk abin da ya taɓa CCP mataki na uku ne, mafi tsanani, kuma ana dakatar da satifiket cikin kwana uku. Don haka oditan ma sassauci ya yi.

Hajiya Rabi: Umma, kin haɗa abu biyu. FSSC 22000, tsarin ba da satifiket da aka gina kan ISO 22000, ita ce ke da mataki uku, kuma dakatar da satifiket cikin kwanakin aiki 3 aikin hukumar da ta ba da shi ne, bayan binciken oditanta. Odita na cikin gida ba shi da wannan hurumi. Sannan matakin na uku ana ajiye shi ne don inda lafiyar abinci ta taɓu kai tsaye kuma ba a ɗauki mataki ba, ko inda amana ta karye. Misali, da ma'ajiyar na'ura ta nuna ba a yi gwaji ba amma fom a cike yake tsaf da alƙalami ɗaya, wannan ƙirƙirar shaida ce, kuma ta fi gurbi muni nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake roƙon masu kula da layi kada su tsawata wa ma'aikaci kan gurbi har ya koyi cikewa daga baya. Gurbi ana ganinsa a tsare kaya, cikon ƙarya kuwa yana ɓoye katan 120 ɗin.

Nasiru: To rashin ƙorafi fa? Kayan sun yi wata biyu a kasuwa.

Injiniya Sadiq: Guntun waya mai milimita 2 daga rariyar gari, mutum zai iya haɗiye shi bai sani ba, wanda ya gani ma ba lallai ya kira kamfani ba. Shiru ba hujja ba ce. Abin da ya kamata a duba shi ne rajistar gyaran injuna na waɗannan ranaku: an yi walda ko yanka kusa da layi? Rariya ta yage? An rasa noti ko wuƙar yanka? In duk babu, haɗarin ya ragu, kuma wannan zai taimaka wa tawagar lafiyar abinci wajen yanke shawarar ko za a janye kaya. Amma bai goge cewa an saki kaya ba tare da tantancewa ba.

Bala: Na yarda da na dare biyun in babu shaidar na'ura. Inda ban yarda ba shi ne a dunƙule huɗun a rubutu ɗaya. A raba: ƙarama ɗaya kan sashe na 8.5.4.3, an tsallake lokacin sa ido; babba ɗaya kan 8.9, an saki kayan da ba a tantance ba kuma mai dubawa bai kama ba. Musabbabinsu ma daban ne. Na rana wataƙila hutun cin abinci ne ba mai canji. Na dare kuwa a duba ko mai gwajin yana tashi kafin layi ya tsaya. In aka haɗa, za a rubuta “an sake horar da ma'aikata” a rufe, matsalar jadawalin tana nan.

Hajiya Rabi: Ni zan bar shi ɗaya, saboda sa hannun mai dubawa yana kan huɗun duka, kuma wannan zare ɗaya ne: mataki na biyu na tsaro ba ya aiki. Amma yadda za a rubuta shi ya fi lamba muhimmanci. A faɗi sharaɗin da lambar takardar tsarin, a faɗi ranaku da awanni da lambobin rukunin kayan da adadin katan, sannan a faɗi abin da ya gaza a jimla ɗaya. A kuma faɗaɗa samfurin zuwa wata uku baya, gwajin tashi kawai za a duba, aikin awa ɗaya ne. In aka sami wasu gurbin a wannan awa, gardama ta ƙare. Malam Nasiru, me takardarku ta binciken cikin gida ta ce game da rabewar? Da ita ya kamata a auna oditan.

Nasiru: Na buɗe ta yanzu. Layi biyu ne kawai: babba a rufe cikin kwana 14, ƙarama cikin kwana 30. Ba ta faɗi yadda ake bambance su ba.

Bala: To ga wani abin rubutawa, kuma wannan kam ƙarama ce. Amma ku fara nemo ma'ajiyar na'urar ta dararen nan biyu tun kafin sabbin bayanai su hau kanta su goge ta.