Saƙon imel ya ce in tabbatar da asusuna cikin awa 24, kuma na riga na danna

Maman Fatima, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Barci, kuma daren jiya saƙon imel ya shigo mini ɗauke da tambarin bankina da cikakken sunana, yana cewa za a rufe asusuna cikin awa 24 idan ban tabbatar da BVN ɗina ba. Na danna maɓallin da ke ciki, na rubuta lambar asusu da lambar wayata, amma da shafin ya nemi lambar katina da lambar sirri sai gabana ya faɗi na tsaya. Ga adireshin shafin, na sa bankinka a gurbin sunan bankin, mai kula da zaure kuma ya sauya wutsiyarsa domin kada wani ya danna:

```
https://bankinka.com.bvn-update.example.net/login
```

Kuɗin sarin kayan salla ne a ciki. Daga banki ne, ko kuwa na faɗa tarko?

Malam Lawal, Kawo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, hanya mai sauƙi ita ce ki duba ko akwai hoton kwaɗo a gefen adireshin, domin shafin banki na gaskiya ba ya rasa shi. Sannan ki duba Turancin saƙon, saboda 'yan damfara sukan yi ta kwaba a rubutu. Ni a sanina ma banki ba ya aika wa kowa imel.

Injiniya Bashir, Unguwar Rimi:
Hajiya, ba daga banki ba ne, kuma tsayawar da kika yi a kan lambar kati ita ce ta tsare miki dukiyarki. Hujjar tana cikin adireshin da kika turo, sai dai ana karanta shi ne daga dama zuwa hagu. Ki wuce `https://` da ke farko, ki nemo karan nan mai karkata na farko da ya biyo baya, wato wanda ke gaban `login`, sannan ki dawo baya ki ɗauki gaɓoɓi biyu na ƙarshe da ɗigo ya raba. A naki za ki samu `example.net`, kuma mai wannan sunan shi ne mai gidan da kika shiga. Duk abin da ke hagu da shi, har da sunan bankin da `.com` ɗinsa, allo ne kawai da mai gida ya rataya a ƙofarsa, kuma yana da ikon rubuta duk abin da ya ga dama a kai ba tare da izinin kowa ba. Idan adireshi ya ƙare da `.com.ng` sai a ɗauki gaɓoɓi uku, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Da shafin bankin ne na gaskiya, da sunan bankin da `.com` ɗinsa ne za su zauna daf da wannan karan, babu komai a tsakaninsu.

Akwai kuma waɗanda ba sa wahalar da kansu da dogon adireshi, sai su yi rajistar suna mai kama da na banki, su sa `1` a gurbin `l`, ko su haɗa `r` da `n` su yi kama da `m`, ko su liƙa `-verify` a bayan sunan. A ƙaramin allon waya, musamman da dare ido ya gaji, kusan babu mai lura da wannan. Saboda haka nan gaba kada ki danna maɓalli kai tsaye: ki ɗora yatsa a kansa ki riƙe na ɗan lokaci, wayar za ta nuna miki ainihin adireshin da zai kai ki kafin ki shiga.

Malam Lawal, da girmamawa, maganar kwaɗo ta tsufa. Kwaɗon yana nufin cewa abin da ke wucewa tsakanin wayarka da shafin a rufe yake, ba ya cewa komai game da amanar mai shafin, kuma takardar shaidar da ke kawo shi kyauta ake samunta yanzu cikin mintuna. Ka duba adireshin Hajiya, ai da `https` ya fara. Turanci mai kyau ma ba shaida ba ne, domin sukan kwafi saƙon banki na gaskiya kalma da kalma su sauya maɓallin kawai. Kuma banki yana aika imel, na alat da na bayanin asusun wata da na sanarwa. Abin da ba ya yi shi ne ya nemi lambar sirrin katinka, ko lambobi uku na bayan katin, ko kalmar sirrin manhaja, ko lambar OTP, ta imel ko ta kiran waya. Ma'aikacin da ke zaune a cikin bankin ma ba ya ganin lambar sirrinka, kuma ba ya bukatarta wajen yi maka aiki.

Malam Lawal, Kawo:
Na karɓi gyara a kan kwaɗo, Injiniya. Amma har yanzu ina ganin sunan mai aikowa ya isa shaida, tunda nawa saƙonnin duk da sunan bankin suke zuwa.

Injiniya Bashir, Unguwar Rimi:
Sunan da ke fitowa da manyan baƙaƙe mai aikowa ne ya zaɓa wa kansa, kamar yadda kowa yake sa wa kansa suna a wannan zauren. A Gmail ka taɓa ƙaramar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan, za ka ga ainihin adireshin, sai ka karanta abin da ke bayan `@` da wannan ƙa'idar ta dama zuwa hagu. A kwamfuta za ka ƙara ganin layuka biyu, `mailed-by` da `signed-by`, waɗanda ke nuna gidan da saƙon ya fito da wanda ya sa masa hannu. Idan ka ga sunan da ba shi da alaƙa da bankin, ko ka ga amsarka za ta tafi wani adireshin Gmail na kyauta, magana ta ƙare. Sai dai wannan gwajin ya fi ƙarfi wajen kama ƙarya, domin bankuna da kansu wani lokaci sukan ba wani kamfani aikin aika sanarwa, sai sunansa ya fito a wurin. Shi ya sa na fi dogara da abin da saƙon ke nema da kuma inda maɓallinsa ya nufa.

Aliyu, Rigasa:
Hajiya, ni ina ganin layinki ne ba a haɗa da NIN ba, shi ya sa suke barazanar rufewa. Ki je ofishin kamfanin layin da katinki, su gyara miki a take.

Anti Rakiya, Barnawa:
Aliyu, ba batun layi ake yi ba, amma ka taɓo inda 'yan damfarar ke fakewa. A ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci a haɗa asusun ajiya da BVN ko NIN, bankuna kuma suka yi ta tura saƙonni na gaskiya a kan haka, sai mutane suka saba da jin barazanar rufe asusu har ta daina ba su mamaki. Na yi shekaru ina aiki a teburin kula da abokan hulɗa kafin in yi ritaya, kuma ina tabbatar miki, Maman Fatima, cewa lambar BVN, mai lambobi 11, ba ta ƙarewa balle a ce a sabunta ta cikin awa 24. Idan akwai gyara a kanta, kamar suna ko ranar haihuwa, reshe ake zuwa a cike takarda. Wa'adin da suka ba ki an sa shi ne domin kada ki samu sararin tambayar kowa.

Abin da kika riga kika ba su ba ya fitar da kuɗi shi kaɗai, domin lambar asusu mai lambobi 10 ai ita kike rubutawa a kwali a shago masu sayen atamfa su turo miki kuɗi. Haɗarin yana cikin abin da zai biyo baya. Yanzu sun san cewa akwai mai wannan lambar wayar, sun san bankinta, sun kuma san ta tsorata, don haka ki sa ran kira daga wani mai lafazi mai daɗi da zai ce daga hedikwata yake, zai taimaka miki ki kammala, ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki. Ki kashe kiran ba tare da musu ba. Idan kina son kwanciyar hankali, ki kira lambar da ke bayan katinki, ko gobe ki biya reshenku a Ahmadu Bello Way ko Yakubu Gowon Way ki nuna musu saƙon. Tunda ba ki rubuta lambar kati ba, ban ga dalilin toshe shi ba.

Alhaji Garba, Kakuri:
Abin da Hajiya Rakiya ta faɗa shi ne ya same ni bara, sai dai ni ban tsaya inda Maman Fatima ta tsaya ba. Na cike lambar kati da ranar ƙarewarsa da lambobin baya, shafin ya ce in jira, sai ga saƙon OTP ya shigo. Ina tsaye a bakin garejin da nake gyaran mota, hannuna duk baƙin mai, na kwafe lambar ban karanta sauran saƙon ba, alhali a cikinsa an rubuta adadin kuɗin da za a cira da gargaɗin kada a ba kowa. Kafin in mayar da wayar aljihu alat biyu sun shigo. Na toshe katin ta manhaja, na je reshe washegari na rubuta ƙorafi, aka ba ni lambar ƙorafin, amma an shaida mini cewa an riga an rarraba kuɗin zuwa wasu asusu. Kaɗan ne ya dawo. Da na kira tun a mintunan farko, wataƙila da an riƙe fiye da haka.

Anti Rakiya, Barnawa:
Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Ga wanda abin ya samu, ƙa'idar ita ce a fara kai ƙorafi banki a karɓi lambarsa, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba sai a kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, kuma EFCC tana da ofishi a nan Kaduna. Sai dai idan mutum da hannunsa ya bayar da OTP, dawowar kuɗin ta dogara ne da saurin da aka yi aka riƙe asusun da suka faɗa.

Maman Fatima, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na taɓa kibiyar kamar yadda Injiniya ya ce, adireshin mai aikowar ba shi da ko sunan bankin bayan `@`. Tambayoyi biyu suka rage mini: shin dannawar da na yi ta sa wa wayata wani abu, kuma ta ina suka san cikakken sunana da bankina?

Injiniya Bashir, Unguwar Rimi:
Idan shafin bai sa ki sauke wani abu ba, da wuya buɗe shi kawai ya cutar da wayar. Ki duba cikin `Downloads`, idan kika ga fayil mai ƙarewa da `.apk` wanda ba ki sani ba ki goge shi kada ki buɗe, domin irin wannan manhajar tana iya karanta saƙonnin OTP idan aka ba ta izini. Sannan ki danna `Report spam` a kan saƙon, ko `Report phishing` idan a kwamfuta ne, kafin ki share shi. Batun suna kuwa, ina zaton zuba wa dubban mutane suke yi da sunan babban banki, ya dace da wanda ya dace, sunan kuma ana iya tsintarsa daga kowace takardar neman tallafi ko rance da mutum ya taɓa cikewa a intanet.

Anti Rakiya, Barnawa:
A nan ban yarda da kai gaba ɗaya ba, Injiniya, domin cikakken suna tare da bankin da ya dace ya yi mini yawa a ce dace ne. 'Yar kasuwa tana tura wa baƙi sunan asusunta da bankinta sau da yawa a rana, wasu ma a shafukan talla suke liƙawa tare da imel. Maman Fatima, ko kin taɓa sa imel ɗinki a tallar kayanki?

Maman Fatima, Tudun Wada:
Na sa shi a tallar da na yi kafin azumi, Anti, amma ban tuna ko na haɗa da lambar asusu ba. Bari in duba idan na koma gida da yamma.